Inuwar Ƙaraye, Agogon Jirgi

Mun bar Kano da sassafe ta hanyar Gwarzo, a farkon watan Nuwamba, sanyin hunturu ya fara leƙowa. Muka wuce Janguza, muka wuce Rimin Gado, dawa ta sunkuyar da kai a gonaki tana jiran lauje. A jakata akwai littafin rubutu, da igiyar awo irin ta tela, da wata miƙaƙƙiyar sanda da na sa kafinta ya yanke mini mita 1 daidai. Abin da ya fito da ni tambaya ce da ta daɗe tana cin raina: yaushe ne mutanenmu suka daina tambayar rana lokaci suka koma tambayar agogo, kuma wa ya yanke cewa ƙarfe 12 na Maiduguri shi ne ƙarfe 12 na Sakkwato?

Na zaɓi Ƙaraye da Rogo ne domin layin dogo bai bi ta cikinsu ba. Layin Zariya zuwa Kano ya wuce ta gabas da su, ta Dangora a ƙasar Kiru. Layin Zariya zuwa Funtuwa da Gusau da Ƙaura Namoda ya wuce ta yamma. Garuruwan biyu suna zaune a tsakani, ba su da tashar jirgi, amma lokacin da jirgi ya zo da shi ya iske su har gida. Idan ana son a ga ƙarfin wannan al'amari, a wurin da jirgin bai taka ba ya kamata a duba.

Direbanmu ya ga ina yawan duban agogo, sai ya ce, “Malam, kada ka damu, kafin hantsi ya dubi ludayi mun shiga Ƙaraye.” Akwai agogo a gaban motarsa, akwai waya a aljihunsa, amma da ya tashi yi mini alkawari da hantsi ya yi. Na rubuta wannan a shafin farko, domin ya nuna mini cewa lokuta biyu nake shirin tararwa a gaba.

Sanda a harabar masallaci

Wani abokina malamin makaranta ya kai ni wurin wani dattijo da ya shekara da shekaru yana ladanci a masallacin unguwarsu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, na zo ne a koya mini yadda ake gane zawali ba da agogo ba.”

Ya dube ni, ya dubi sandar da ke hannuna, ya ce, “Ɗana, ai ka zo da malaminka. Kafa ta a inda ƙasa take a shimfiɗe, kada ta karkata ko kaɗan.”

Muka share wuri, muka kafa sandar, muka rataya dutse a zare muka gwada ta da shi har ta tsaya cak. Da ƙarfe 11:10 na auna inuwarta, santimita 60, tana kwance wajen arewa maso yamma. Baba ya sa na ɗaura zare a gindin sandar, na zana da'ira a ƙasa daidai bakin inuwar. Daga nan sai zaman jira. Inuwar ta riƙa janyewa cikin da'irar tana gajarcewa, tana kuma juyawa a hankali zuwa arewa sosai. Da agogo ya nuna 12:00 na sake awo, na ga ta kusa santimita 50, na ce, “Baba, rana ta take tsaka.”

Ya ce, “Da saura. Agogonka ne ya take tsaka.”

A nan wahalar aikin take. Kusa da zawali inuwa kusan ba ta canja tsawo, minti 10 kafin da minti 10 bayan duk ɗaya suke ga ido. Wanda ya ce zai tsaya ya kama daidai lokacin da ta fi gajarta, zai iya kuskure da rubu'in awa bai sani ba. Amfanin da'irar ke nan. Muka jira har inuwar ta sake tsawo ta ɓangaren gabas, ta taɓa layin da'irar da ƙarfe 1:14. Tsakanin 11:10 da 1:14 akwai minti 124, rabinsu 62. Idan ka ɗora 62 a kan 11:10, ka sami 12:12. A ranar nan, a Ƙaraye, rana ta take tsaka da ƙarfe 12:12, kuma inuwar zawali ta kai rabin tsawon sandar.

Baba ba ya lissafi da santimita. Da ƙafa yake yi, kamar yadda ya koya a zaure: tsawon mutum ƙafarsa 7 ne. Ya ce a wannan wata inuwar zawali ƙafa 3 da rabi ce. Idan inuwa ta fara ƙaruwa a kan haka, azahar ta shiga. Idan ta ƙaru da cikakken tsawon mutum, wato ta kai ƙafa 10 da rabi, la'asar ta shiga. Ya ƙara da cewa wannan adadi ba ya zama wuri ɗaya: a tsakiyar hunturu inuwar zawali tana kaiwa wajen ƙafa 5, a ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta takan ɓace ƙarƙashin ƙafar mutum, a tsakiyar damina kuma ta koma kudu. Da yamma na gwada maganarsa. Inuwar sandar ta kai mita 1 da rabi wajen ƙarfe 3:32, ladanin da ya gaje shi kuma ya ɗaga murya ba da jimawa ba.

Ina minti 12 ɗin suka fito?

Da dare, a ɗakin baƙi, na zauna na warware lissafin. Duniya tana juyawa digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a awa ɗaya, digiri ɗaya a minti 4. Tana juyawa ne zuwa gabas, shi ya sa na gabas yake riga na yamma ganin rana. A ƙasar Kano digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma ya kai kimanin kilomita 109. Ashe duk kilomita 27 da mutum ya yi zuwa yamma, rana tana makara masa da minti ɗaya.

Birnin Kano yana kan digiri 8 da rabi gabas da Girinwic ta Ingila, inda ake fara ƙidaya. Ƙaraye tana kan digiri 8. Rogo ba ta cika 8 ba da kaɗan. Saboda haka zawali yana riskar Kano, bayan minti 2 ya riski Ƙaraye, kafin wani minti ya cika ya riski Rogo. Idan aka buɗa taswirar, Maiduguri tana gaban Kano da fiye da minti 18, Sakkwato tana bayan Kano da minti 13, Legas kuma da minti 20. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato ya haura rabin awa.

Agogon Najeriya kuwa an ɗaure shi ne a kan layin digiri 15. Wannan layi bai ma ratsa ƙasar ba, ta gabas da ita ya wuce, kusa da birnin Injamena na Chadi. Tsakaninsa da Ƙaraye digiri 7 ne, minti 28 ke nan. To, a bisa matsakaicin lissafi, zawalin Ƙaraye ƙarfe 12:28 ne.

Amma ni 12:12 na samu, saura bayanin minti 16. Dalilinsa shi ne rana ba ta tafiya da taki ɗaya duk shekara. Hanyar da duniya take bi wajen kewaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce, kuma duniyar a karkace take. Waɗannan biyu suna sa rana ta yi gaba da agogo a wasu watanni, ta yi baya a wasu. A farkon Nuwamba tana gaba da minti 16, a tsakiyar Fabrairu tana baya da minti 14. Sau huɗu kawai suke daidaita: tsakiyar Afrilu, tsakiyar Yuni, farkon Satumba da ƙarshen Disamba. Cire 16 daga 12:28, ka sami 12:12 da sandata ta nuna. Da a Fabrairu na zo, da sai 12:42. Zawalin Ƙaraye yana kai da komowa cikin wannan rabin awa, kuma ko sau ɗaya a shekara ba ya faɗawa kan 12:00.

Zamanin da minti ba shi da aiki

Washegari na koma wurin Baba da wannan lissafi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Kakana falke ne, da jakuna yake zuwa Kano. Da ka ce masa Kano ta riga Ƙaraye da minti biyu, me zai yi da su?”

Tambayar ta buɗe mini ido. Ayarin fatake yana yin zango ɗaya a wuni, tafiyar da ba ta wuce wannan kilomita 27 da yawa ba. Idan falke ya miƙe yamma, wuninsa guda minti ɗaya ne na rana. Kafin ya isa inda bambancin ya taru ya yi yawa, jikinsa ya saba, kuma babu wanda yake jiransa a kan minti. Sunayen da muke da su sun wadatar: asuba, sassafe, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, sakaliya, magariba, almuru, lisha. Kowane gari da nasa, kuma kowanne daidai ne a inda yake. Babu abin da ya fi doki sauri da zai ɗauko lokacin wani gari ya kawo shi ya kara da na wani.

Abubuwa biyu suka karya wannan zaman lafiya, kuma a Ingila aka fara ganin haka. Garuruwansu suna da agogon hasumiya, kowa ya saita nasa da ranar garinsa. Birnin Biristol yana bayan Landan da minti 10. Da jirgin ƙasa ya haɗa su, jadawali ɗaya ya kasa zama da agogo biyu. A 1840 kamfanin jirgin da ke bin wannan layi ya umarci tashoshinsa su yi aiki da lokacin Landan. Mutanen Biristol ba su saki nasu nan take ba. Har yau akwai agogo a tsohon ginin kasuwar hatsinsu mai hannun minti biyu, ɗaya na gari ɗaya na jirgi. A 1852 aka fara aika alamar lokaci daga Girinwic ta wayar tangarahu, a 1880 kuma doka ta mai da lokacin Girinwic na ƙasar baki ɗaya. Wato jirgi ne ya jawo buƙatar, waya ta ba da hanyar biyan ta, doka ta biyo baya da shekara 40.

A Amurka ma kamfanonin jirgi ne suka riga gwamnati. Ranar 18 ga Nuwamba 1883 suka raba ƙasar zuwa shiyyoyi, kowace shiyya da tazarar awa ɗaya daga maƙwabciyarta. A Oktoban 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton, suka amince a fara ƙidayar layukan duniya daga Girinwic. Babu wakilin Kano ko Sakkwato a wurin. A lokacin Sarkin Kano Muhammadu Bello ne yake kan gado, kuma inuwa ce take mulkin lokaci daga fada har ƙauye.

Hanyar Rogo

Bayan azahar muka ɗauki hanyar Rogo. Ƙasar ta canja, fadamu suka yawaita, rake ya tsaya kore shar a gefen hanya, hayaƙi yana tashi daga wuraren da ake dafa mazarƙwaila. A Rogo aka haɗa ni da wani tsoho da ya yi aikin reluwe shekaru masu yawa kafin ya dawo gida ya kama noma. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, da rediyo a gefensa.

Na ce, “Baba, me ya sa jirgi ya matsa wa minti haka?”

Ya ɗauki kara ya ja layi ɗaya a ƙasa. Ya ce, “Ka ga dogonmu, ɗaya ne tal. Mai zuwa Kano da mai barin Kano a kansa suke bi. Ba su da wurin kauce wa juna sai a tasha, inda aka yi ɗan reshe. To, a ce an rubuta su haɗu a Dangora ƙarfe kaza. Idan agogon wannan direba ya saɓa da na wancan, wa zai jira wa?”

Ya bayyana mini yadda aikin yake. Shugaban tasha ba ya sakin jirgi sai ya yi magana ta waya da tashar da ke gaba, an tabbatar masa hanya a buɗe take. Sai ya ba direba shaidar izini, ya rubuta lokacin tashi a littafi, na gaba shi ma ya rubuta lokacin isowa. Idan aka yi haɗari ko aka makara, waɗannan littattafai ake buɗewa. Rubutun ba shi da amfani idan kowace tasha da nata ƙarfe 12. Ya ce jirgin da ke tafiyar kilomita 30 a awa yana cin kilomita 2 da rabi cikin minti 5, kuma jirgi mai kaya ba ya tsayawa kamar keke. Wannan tsoro yana da tushe: a 1853 jirage biyu sun yi karo a jihar Rod Ailan ta Amurka saboda kuskuren agogon ma'aikaci, mutum fiye da 10 suka mutu.

Wayar tangarahu kuma ta zo da nata rikicin. Saƙo yana tafiya kamar ƙiftawar ido, yana tsere wa rana. A ce ma'aikacin gidan waya a Maiduguri ya buga saƙo da rana tsaka ta garinsa, ya rubuta 12:00. Na Sakkwato ya karɓa nan take, ya dubi lokacin garinsa ya rubuta 11:28. A takarda, saƙon ya iso kafin a aiko shi. Gwamnatin da ke ba da umarni ta waya, da ɗan kasuwar da ke jiran farashi ta waya, ba za su iya aiki da irin wannan takarda ba. Amma wayar da ta tono matsalar ita ce ta magance ta, domin da ita ake iya gaya wa tashoshi ɗari a lokaci guda cewa yanzu ƙarfe kaza ne, kowa ya gyara agogonsa.

Shekara biyar da agogo ya kwana kusa da Rogo

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ja wayar tangarahu tsakanin manyan garuruwan da suka kafa bariki. Layin dogo ya taso daga Baro a bakin kogin Kwara, ya iso Kano a 1911. A 1912 aka buɗe shi ga jama'a, aka kuma haɗa shi da layin Legas a Minna. Tafiyar fiye da kilomita 1,100 ta koma jadawali ɗaya, alhali ranar Kano tana gaban ta Legas da minti 20.

Legas kanta ta yi ta sauye-sauye. A 1905 ta ɗauki lokacin Girinwic. A 1908 ta koma lokacin ranarta, minti 13 da daƙiƙa 35 gaba da Girinwic. Ranar 1 ga Janairu 1914, ranar da Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, aka sa wa ƙasar duka lokaci ɗaya: rabin awa gaba da Girinwic, wato lokacin layin digiri 7 da rabi.

Na shimfiɗa wa tsohon taswira na nuna masa inda wannan layi ya bi. Ya ratsa tsakanin Zariya da Funtuwa, ya bi ta kusa da Kaduna, ya bi ta inda Abuja take a yau. Daga Rogo zuwa gare shi bai kai tafiyar wuni biyu a ƙafa ba. Ma'ana, daga 1914 agogon Najeriya kusan ranar Rogo yake bi, bambancin minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙu. Na Ƙaraye minti 2. Mutumin Legas da mutumin Borno su ne suka yi haƙuri, na tsakiya ya zauna daidai.

Abin bai daɗe ba. Ranar 1 ga Satumba 1919 aka tura agogon gaba da wani rabin awa, ya zama awa ɗaya cif gaba da Girinwic, aka koma layin digiri 15 da muke kai har yau. Farkon Satumba yana cikin kwanakin da rana da matsakaicin lissafi suke daidaita, saboda haka abin ya fito sarai: ranar 31 ga Agusta 1919 zawalin Rogo ya faɗa wajen 11:59, washegari ya faɗa wajen 12:29. Rana ba ta motsa ba, inuwar masallaci ba ta san an yi ba. Takarda aka sa wa hannu a nesa.

Tsohon ya daɗe yana duban taswirar. Ya ce, “Shekara nawa ina saita agogo, ban taɓa sanin da ranar Chadi nake saita shi ba.”

Yadda ƙarfe ya shigo gari

A Ingila garuruwa sun bar agogonsu ne suka ɗauki na Landan. Mu a nan ba mu da agogon hasumiya da za mu bari, saboda haka agogo da lokacin gwamnati kusan tare suka zo mana. Ina ganin shi ya sa da yawa daga cikinmu muka ɗauka cewa agogo rana yake bi, ba mu taɓa ganin wani agogon da ya saɓa wa na gwamnati ba.

Harshenmu ya adana labarin. Kalmar agogo daga Yarbanci ta zo, inda take nufin ƙararrawa, ta biyo hanyar kudu. Idan kuma muka ce ƙarfe biyu, ƙarfen gaske muke tunawa, wanda ake ratayewa a bariki ko ofis ko makaranta a buga shi sau biyu. Har yanzu a makarantun firamare na ƙauye da yawa, tsohon ƙarfen ƙafar mota ne a rataye a bishiya yake kiran yara aji.

Garin da ba shi da tasha, ta hanyar kaya da takarda lokacin ya shige shi. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Kano. Manomi yana iya nomansa da rana, amma gyaɗa da auduga sai sun kai sikeli, sikeli yana aiki da lokacin kamfani, kamfani yana aiki da lokacin jirgi. Hakimi yana karɓar takarda daga Kano cewa ana nemansa ranar kaza ƙarfe kaza. Kotu, asibiti da makarantar boko duk suka zo da ƙarfensu. Daga baya rediyo ya kammala aikin. Tun da sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, kunnuwanmu suka saba da jin agogon GMT da agogon Najeriya da Nijar. Yau wayar hannu tana saita kanta, ba wanda yake tambayar daga ina.

Inda kuskure yake shiga

Da magariba ta gabato, na zauna da limamin wani masallaci a Rogo. Na tambaye shi ko wannan bambanci na minti biyu ko uku yana da wani tasiri a yau. Ya ce, “Sosai ma, Malam. Bari azumi ya zo ka gani.”

Ya ce mutane suna kunna rediyon Kano, da sun ji kiran sallar magariba sai su kai dabino baki. Alhali Rogo tana yamma da Kano da kusan minti 3 na rana, kuma tazarar tana ɗan ƙaruwa ko raguwa da lokacin shekara, domin Rogo ta fi Kano kudu. Lokacin da rana ta faɗi a Dala, a Rogo tana nan a bakin gari. Haka kalandar sallah da aka buga don birnin Kano: idan aka rataye ta a Ƙaraye sai an ƙara wajen minti 2, a Rogo wajen 3. Wayar hannu ma tana ruɗin mutum idan an saita ta a kan Kano ko Abuja aka manta. Yadda ake ganewa ba wuya: a fita a dubi yamma, ko a kafa sanda kamar yadda muka yi.

Kuskure na biyu, in ji shi, shi ne na masu cewa da ƙarfe 12 ya buga azahar ta shiga. Ma'aikaci ko matafiyi yana sauri, ya ga 12:15, ya kabbara. A farkon Nuwamba ya tsallake da ƙyar. A Fabrairu kuwa ya riga zawali da kusan rabin awa. Sallar jam'i a masallatanmu takan kai ƙarfe 1 da rabi ko 2, wannan jinkiri yana rufe matsalar, amma mai sallah shi kaɗai ba shi da wannan kariya sai ya san lissafin.

Na ga hikimar rabon da mutanen nan suka yi, ko da ba su zauna sun tsara shi ba. Abin da ya haɗa ka da na nesa, jarrabawa, kotu, mota, labaran rediyo, aika kuɗi, an bar wa agogo, kuma ya cancanta, domin ba don shi ba da ba a haɗu ba. Abin da ya haɗa ka da sama da ƙasar da kake tsaye a kai, sallah, buɗa-baki, ban-ruwan fadama, an bar wa rana. Abin da yake damuna shi ne masu sanin inuwa suna ƙarewa. Dattijon Ƙaraye ya gaya mini cewa a cikin matasan da ke kiran sallah a unguwarsu, kaɗan ne za su iya fitar da zawali idan waya ta mutu. Sanda ɗaya da zare ɗaya da darasin awa biyu sun isa a koya wa ɗan aji shida wannan, a makarantar allo ko ta boko.

Dangora

A hanyar komawa na roƙi direba mu bi ta ƙasar Kiru, in ga dogon da idona. Muka tsaya kusa da Dangora. Layin yana nan, siriri, guda ɗaya kamar yadda tsohon ya zana a ƙasa, ya miƙe kudu zuwa Zariya, ya miƙe arewa zuwa Kano. Ban ji ƙugin jirgi ba, awaki ne suke kiwo a gefen ƙarafunan. Jiragen da suka sa aka haɗe lokacin ƙasar nan sun yi ƙaranci a wannan layi, wayar tangarahu ta zama tarihi, amma agogon da suka haifa yana ɗaure a hannun kowa, har da wanda bai taɓa shiga jirgi ba.

Na ciro sandata na kafa ta a gefen dogo. Agogona ya nuna 12:00 daidai. Wani yaro mai tallan rake ya matso yana kallo, ya ce, “Kawu, me kake aunawa?” Na ce rana nake jira ta take tsaka. Ya dubi wayar da ke hannun direba, ya ce ai sha biyu ta yi. Na ce ya zauna mu duba tare. Inuwar tana nuna arewa, amma da ɗan saura ta ɓangaren yamma. Ya ajiye farantinsa, ya tsuguna, ya ɗauki tsinke ya sa alama a bakinta, muka zuba mata ido tana matsowa.